Kwana huɗu a mako: sama-da-ƙasa ko tura-ja-ƙafa? Littafin atisayena

Lahadi, 6 ga Afrilu, 2025

Kwana huɗu kawai nake da su na shiga jim: Litinin, Talata, Alhamis da Asabar, duk bayan La'asar. Laraba ina shago har dare, Juma'a da Lahadi na iyali ne. Gobe zan fara gwada tsari biyu ɗaya bayan ɗaya, kowanne mako shida, da makon sassauci a tsakaninsu.

Na farko shi ne tura-ja-ƙafa, wanda a manhajojin waya ake rubutawa PPL. Ranar tura ta ƙirji ce da kafaɗa da bayan damtse, ranar ja ta baya ce da ƙwanji, sai ranar ƙafa. Na biyu kuma sama-da-ƙasa: duk abin da ke sama da ƙugu rana ɗaya, ƙafafu wata rana, a maimaita.

Matsalar tura-ja-ƙafa ga mai kwana huɗu ta lissafi ce. Masu kwana shida ne suka fi cin moriyarsa, don suna zagaye shi sau biyu cif. Mai huɗu kuwa zaɓi biyu gare shi. Ko dai ya kafe ranaku ya maimaita ɗaya daga cikin ukun, ko ya bar zagayen yana juyawa, duk inda ya tsaya ranar Asabar ya ɗora daga nan ranar Litinin. Ni mai juyawar zan yi. A mako uku za a yi zama 12, kowane sashe ya samu huɗu. Wato ƙirji zai sha aiki sau huɗu a kwana 21, alhali a sama-da-ƙasa sau shida zai samu.

Binciken da masanin atisaye Brad Schoenfeld da abokan aikinsa suka tattara a 2016 ya nuna taɓa tsoka sau biyu a mako ya fi sau ɗaya wajen ƙara mata girma. Da suka sake tattarawa a 2019 sai suka ga idan yawan seti, wato jerin ɗagawa kafin a huta, bai bambanta a mako ba, yawan ranakun ba ya kawo wani bambanci mai yawa. Saboda haka idan ina son gwajin ya yi ma'ana, dole in daidaita seti. Na tsayar da adadin mako kamar haka: ƙirji 12, baya 12, gaban cinya 12, kafaɗa 8, bayan cinya 8, sai ƙwanji, bayan damtse, bayan kafaɗa da sharaɓa kowanne 4. Jimla 68.

A tura-ja-ƙafa mai juyawa, seti 12 na mako na nufin 36 a mako uku, a raba huɗu, tara kenan a zama ɗaya. Ranar tura ta zama seti 18, ranar ja 15, ranar ƙafa 18. A sama-da-ƙasa kuma ƙirji shida ne a zama, amma ranar sama ta kumbura zuwa 22, ta ƙasa ta tsaya a 12.

Sauran abubuwa ba zan taɓa su ba. Nauyina kilo 74, ina neman furotin wajen giram 120 a yini, wato kusan giram 1.6 ga kowane kilo, daga wake da ƙwai da kifi da awara da nono. Ƙa'idar ƙara nauyi ita ce: ina ɗagawa tsakanin 6 zuwa 10 a manyan atisaye, duk ranar da na kusa cika goma a duka setin sai in ƙara kilo 2.5. Kowane seti ina tsayawa ne saura ɗagawa ɗaya ko biyu in gaza.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na yi tura sau biyu a wannan makon, Litinin da yau. Ga yadda ta Litinin ta kasance, don ita ce ma'aunin da zan riƙa komawa kai.

Benci, wato tura ƙarfe daga ƙirji a kwance, da kilo 60: takwas, takwas, bakwai. Benci mai jingina da dambel 22 a kowane hannu: goma, tara, takwas. Sai haɗa hannu a igiyar inji seti uku. A nan ƙirji ya cika tara. Daga nan na tashi zuwa tura ƙarfe sama da kai a tsaye da kilo 35, nauyin da na san ina yi sau tara idan da shi na fara. Shida na samu, sai biyar, sai biyar. Ba kafaɗar ce ta rasa ƙarfi ba. Gaban kafaɗa da bayan damtse sun riga sun yi aiki a seti shida na benci kafin a zo kansu, don haka sun iso a gajiye.

Abin da ake yaba wa tsarin ma gaskiya ne. Ɗumama jiki sau ɗaya ake yi, don da ka ɗumama benci ka gama da kafaɗa da gwiwar hannu na ranar gaba ɗaya. Ba ka yawo a jim kana neman inji. Awa ɗaya da 'yan mintuna na fito, ƙirji ya cika riga. Wannan cikar jini ce da ruwa, kafin Isha ta sauka, amma ba na raina ta, domin tana daga abin da ke sa mutum ya dawo gobe.

Laraba, 16 ga Afrilu

Wannan makon zagayen ya juyo da ja ranar Litinin, ƙafa ranar Talata. Ranar Litinin na yi jan ƙarfe a sunkuye da kilo 55 seti uku, bayan na ja jiki a sandar sama. Jiya da na shiga ƙarƙashin sikwat na kilo 80, tun a ɗagawa ta biyar na ji ƙasan baya yana neman lanƙwashewa alhali cinya ba ta ce komai ba. A dedlif na Romaniya kuwa, wato sunkuyawa da ƙarfe a hannu a miƙe don aikin bayan cinya, yatsu ne suka fara saki kafin bayan cinya ya ji aiki.

Sunan ranar yana ruɗar mutum. An ce ranar ja ba ta taɓa ƙafa, amma tsokokin da ke riƙe da kashin baya su ne ke tsayar da kai a sunkuye ranar ja, su ne kuma ke hana ka durƙushewa ranar ƙafa. Idan ranakun biyu suka zo a jere ba hutu, na biyun ke biyan bashi. A jadawalina wannan haɗuwar za ta riƙa dawowa duk mako uku. Daga yanzu duk Litinin ɗin da ta zama ja, zan yi ja ne ina kife da ƙirji a kan benci mai jingina da dambel. Bayan sama yana samun aikinsa, ƙugu yana hutawa.

Yau kuma cinyoyi ne. Seti 15 a kan cinya a zama ɗaya, tara gaba shida baya. Zaman tahiya a sallar Asuba sai da na dafa ƙasa, tashi daga sujada kuwa sai a hankali. Irin wannan tsamin yakan fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, kuma ba shi ne shaidar tsoka na girma ba. Abin da yake nuna mini shi ne an jibga wa ƙafar aiki mai yawa a lokaci guda bayan ta daɗe ba ta yi ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ma'aikata, jim ya cika maƙil, ga zafin Kano, ga wuta an ɗauke, fankoki tsaye. Ranar ƙafa ce ta faɗo. Wajen sikwat guda ɗaya ne, mu huɗu muna karɓa-karɓa. Seti uku na ƙarshe na gaban cinya, na miƙe ƙafa a inji, na yi su ne dai don a cika lissafi. Na rage nauyi har kashi ɗaya cikin huɗu kafin in kai goma.

Na fara sa alama a littafi a gefen duk setin da na ji hankalina ya bar wajen. Kusan duka suna tsakanin na bakwai da na tara na tsoka guda.

Wani yaro da muke haɗuwa, ɗan makaranta, ya leƙa littafin ya ce, "Yaya, kai yau ma ƙafa kake yi? Ai ranar Asabar na gan ka a kanta." Shi ya kafe nasa: Litinin tura, Talata ja, Alhamis ƙafa, Asabar tura. Na ce masa ya ƙirga. Ƙirjinsa na samun zama biyu, bayansa ɗaya, ƙafarsa ɗaya. Ya yi dariya ya ce ai wando yana rufe ƙafa. Mafi yawan masu kwana huɗu da na gani a kan wannan tsari haka suke yi, rana ta huɗu ba ta taɓa zama ta ƙafa.

Lahadi, 18 ga Mayu

An gama zangon farko jiya. Benci ya tashi daga 60 zuwa 65, takwas a setin farko. Sikwat daga 80 zuwa 87.5. Ja a sandar sama daga bakwai zuwa tara. Tura ƙarfe sama da kai yana nan a 35, ya dai tashi daga shida zuwa bakwai.

Abin da lambobin ke faɗa a fili yake: atisayen da ke buɗe rana ya ci gaba, wanda ke zuwa a tsakiya bayan an gajiyar da tsokokinsa ya tsaya. Dedlif na Romaniya ma haka, domin kullum bayan sikwat da injin tura ƙafa yake zuwa.

Tazarar da ke tsakanin zama biyu na sashe ɗaya kwana biyar ce, wani lokaci shida. Ga hutawa wannan ya yi yawa ma. Ginin furotin a cikin tsoka yana ɗagawa ne na kwana ɗaya zuwa biyu bayan atisaye, sannan ya koma yadda yake. A jikina, ƙirji yakan warware cikin kwana uku, sauran biyun jira ne kawai. Amfanin doguwar tazarar ɗaya ne da na gani: gwiwar hannu da kafaɗa ba su taɓa yi mini ƙorafi ba a duk zangon. Wanda gaɓoɓinsa ke ciwo idan ya yawaita benci ya riƙe wannan.

Wani abin da ya dame ni ba na tsoka ba ne. Ban taɓa iya sanin abin da zan yi ranar Alhamis ba sai na buɗe littafi. Abokin da muke riƙe wa juna ƙarfe a benci ya daina daidaita ranarsa da tawa, don tawa ba ta zama wuri ɗaya.

Mako mai zuwa sassauci: atisaye iri ɗaya, rabin seti, nauyi ƙasa kaɗan.

Litinin, 26 ga Mayu

Ranar sama ta farko, seti 22. Awa ɗaya da rabi cur, na fito ana kiran Magariba.

Benci 65 seti uku, ja a sandar sama uku, benci mai jingina uku, jan dambel a kife uku, tura sama biyu, ɗaga dambel gefe biyu, bayan kafaɗa biyu, ƙwanji biyu, bayan damtse biyu. Abin da na fara lura da shi shi ne benci mai jingina. A zangon baya dambel 24 na tsayawa a tara, takwas, bakwai. Yau goma, goma, tara, domin tsakaninsa da bencin farko an yi ja na kusan minti goma, ƙirji ya samu ya numfasa.

Amma wutsiyar ranar ta lalace. Lokacin da na zo kan ƙwanji da bayan damtse na riga na ƙosa, ina kallon agogo. Tura-ja-ƙafa yana gajiyar da tsoka ɗaya, wannan kuwa mutumin yake gajiyarwa gaba ɗaya. Idan an bar shi haka, hannu da gefen kafaɗa ne za su zama 'yan bora, kuma su ne abin da yawancin masu shiga jim suka zo nema.

Asabar, 31 ga Mayu

Na yi gyara biyu ba tare da na taɓa jimlar 68 ba.

Na farko, na kwashe seti huɗu daga ranar sama na kai ranar ƙasa: ƙwanji biyu da ɗaga dambel gefe biyu. Sama ta koma 18, ƙasa ta zama 16. Ina yin su ne a farkon ranar ƙasa, kafin sikwat, domin ba sa cin ƙarfin ƙafa, kuma a lokacin hankali na nan. Nan take dambel ɗin ƙwanji ya tashi daga 12 zuwa 14 ba tare da lilo da jiki ba. Masu tsantseni za su ce wannan ya daina zama sama-da-ƙasa. Su ce.

Na biyu, na haɗa tura da ja bibbiyu. In yi benci, in huta minti ɗaya da rabi, in yi ja, in huta minti ɗaya da rabi, in koma benci. Tsakanin setin benci da na gaba an samu fiye da minti uku kenan, amma agogo bai tafi a banza ba. Ranar Alhamis na gama cikin awa ɗaya da minti biyar. Sharaɗinsa shi ne jim ba cunkoso, don idan ka bar benci ka tafi sanda, kafin ka juyo wani ya kwanta a kai. Dabarata ita ce in jawo dambel kusa da bencin, in yi jan a nan.

Ranakun biyu kuma ba iri ɗaya ba ne. Litinin benci ke buɗewa, Alhamis tura ƙarfe sama da kai ke buɗewa. Talata sikwat ke gaba, Asabar dedlif na Romaniya. Wannan shi ne babban abin da tsarin ya ba ni wanda wancan bai bayar ba: kowane sashe yana da rana biyu, don haka atisaye biyu ne ke samun zama na farko. Ranar Alhamis na ɗaga 35 sau goma, nauyin da ya yi mako shida bai wuce bakwai ba. Ba ƙarfi na ƙara cikin kwana goma ba, wuri kawai aka canza masa.

Ranar ƙasa kuma da seti shida na gaban cinya da huɗu na baya, washegari ina jin an yi aiki, amma sallah ba dafa ƙasa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Makon Babbar Sallah. Alhamis azumin Arfa, Juma'a Idi, Asabar aikin nama da ziyara. Zama biyu suka tafi. Duk da haka kowace tsoka ta samu aiki sau ɗaya a makon, tunda Litinin da Talata sun riga sun zagaye jiki duka. Rabin setin mako ne, amma rabin ya isa ya riƙe abin da ake da shi na ɗan lokaci. Gobe zan koma ranar sama kamar ba a yi komai ba.

Yaron nan mai kafaffen jadawali kuwa, Alhamis ce ranar ƙafarsa tilo. Ya yi ƙafa ranar 29 ga Mayu, ba zai sake ba sai 12 ga Yuni. Kwana 14 kenan. Da ni ma ina kan mai juyawa, sashen da ke kan layi zai jira har Litinin, tazararsa ta tashi daga kwana biyar zuwa tara, sauran biyun ma su matsa. Wanda ya ce kwana huɗu gare shi, a gaskiya wani makon uku ne, wani biyu: biki, rasuwa, zazzaɓi, ruwan sama da ya tare hanya. Da wannan ya kamata a auna tsari, ba da makon da komai ya tafi daidai ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Saura mako biyu a gama zangon. Benci 67.5 sau tara, takwas, takwas. Sikwat 92.5 sau takwas. Tura sama 40 sau bakwai. Dedlif na Romaniya ya tashi daga 70 zuwa 80 tun da ya samu ranarsa.

Ba zan ɗauki waɗannan lambobi in ce sun yanke hukunci ba. Zango na biyu ya hau kan ƙarfin da na farko ya gina. Damina ta sauka, zafi ya ragu, ina barci fiye da na Afrilu. Yin benci sau biyu a mako yana ƙara ƙwarewar hannu a kansa, wanda ke ɗaga lamba ko da tsoka ba ta ƙaru ba. Tef ɗin tela da na zagaya a damtse da cinya ya nuna ƙarin da bai fi kuskuren awo ba, kuma mako shida ya yi kaɗan a ga girma da ido. Idan batun girman tsoka ne zalla, da seti iri ɗaya, ina ganin tsarin biyu za su kai mutum kusan wuri ɗaya.

Inda suka rabu shi ne ingancin setin da kuma abin da ke faruwa idan mako ya karye. Alamomin da nake sawa a gefen setin da aka yi don cika lissafi sun kusa ɓacewa daga littafin tun da ƙirji da cinya suka koma shida-shida. Ga mai kwana huɗu ni dai sama-da-ƙasa zan ce ya ɗauka, ya kwashe ɗan aikin hannu ya kai ranar ƙasa. Tura-ja-ƙafa mai juyawa zan bar wa wanda ba shi da fiye da awa ɗaya kuma jim ɗinsu cunkoso ne, ko wanda kafaɗarsa ba ta jure turawa sau biyu a mako.

Wannan na ƙarshen ya fara taɓa ni. Tun ranar Alhamis gwiwar hannun dama ke ɗan suka ta ciki idan na ja jiki a sanda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: da ƙwanji ya koma ranar ƙasa, gwiwar na lanƙwasa da nauyi duk kwana huɗun, Litinin da Talata ma a jere. Sukar ba ta kai ta hana aiki ba, kuma ba kumburi, amma jijiya ba ta warwarewa da saurin tsoka.

Talata, 24 ga Yuni

Na cire ƙwanji daga Talata, na mayar da seti biyun nan ƙarshen Alhamis, ranar da ba na gaggawar komawa shago. Ya zama Alhamis da Asabar kenan, da Juma'a a tsakani. Na kuma koma riƙon dambel a tsaye, babban yatsa na kallon sama, sandar ja ma na koma riƙon da tafukan hannu ke kallon juna. Jiya na yi ja seti uku, sukar ta ragu amma ba ta tafi ba. Idan ta kai Asabar tana nan, zan ajiye ƙwanji gaba ɗaya na mako guda in bar ja kawai.

Yau sikwat 92.5: tara, takwas, takwas. Ba zan ƙara nauyi ba sai setin ƙarshe ya kai tara. Zangon zai ƙare 5 ga Yuli, daga nan makon sassauci, sannan in ɗora wani mako shida a kan sama-da-ƙasa da ƙarin seti biyu a baya da biyu a bayan cinya, jimla ta koma 72.